Hotonka naka ne, ka rubuta ka nema

Ina da ƙorafi a kanmu, malamai da iyayen Gure. Muna koya wa yara wasiƙar neman izinin fashin makaranta, amma ba ma koya musu wasiƙar da za ta hana a yi wa mahaifiyarsu hoto sau biyu. Mutum zai yi tafiyar fiye da kilomita 150 zuwa Damagaram, a yi masa sikana, ya dawo da takardar magani kawai. Ranar da aka tura shi Yamai ko Kano, likita na farko da zai gani zai ce: ina hoton?

Wasu suna cewa neman hoto rashin kunya ne, kamar ba ka yarda da likita ba. Ban yarda ba. Likitan gaba yana bukatar hoton jiya don ya gwada da na yau. A ce rahoto ya nuna tsakuwa mai milimita 6 a ƙodar hagu. Bayan wata uku aka sake dubawa, aka ga 9. Da rahoton farko a hannu, an san ta girma. In babu shi, sai kirdado. Ga kuɗin sabon hoto, ga kuma hasken sikana da bai kamata a yi ta haska yaro da shi ba gaira ba dalili.

Wasu kuma sun ce ai sun ɗauki allon da waya. Sikana ɗaya kan ƙunshi hotuna ɗaruruwa, yanka-yanka, kuma wanda ka ɗauka da waya ba a iya auna komai a kansa.

Wasiƙar ba ta wuce rabin shafi ba. A rubuta wa daraktan asibiti. A sa sunan majinyaci daidai yadda yake a rasit, da shekarunsa, da lambar fayil, da ranar hoton, da irinsa (rediyo ne, eko ko sikana), da sashen jikin da aka ɗauka. Sai a nemi abu biyu, kowanne da sunansa: hotunan, a fim ko a faifai cikin tsarin DICOM, da rubutaccen rahoto mai sa hannun likita da hatimi. Wanda ya ce "sakamako" kawai, ɗaya za a miƙa masa. A haɗa da kwafin katin shaida, in na yaro ne uba ko uwa su sa hannu. A yi kwafi biyu, a buga wa ɗaya hatimin karɓa, a riƙe.

Kafin a bar tagar, a duba suna da kwanan wata, a duba dama ne ko hagu. Sunayenmu suna yawan kama, hoton wani Musa kan iya shiga ambulan ɗin wani.

Malam, darasi ɗaya ya isa. Ka rubuta samfurin a allo da Hausa da Faransanci, yara su kwafa su kai gida.