Ragin sari: a ƙidaya kan guda ɗaya kafin a miƙa kuɗi

Duk shekara idan watan Oktoba ya gabato, iyayen yara na shiga lissafin kayan makaranta, kuma shawarar da aka fi ji ita ce a haɗa kuɗi a yi sari. Shawara ce mai kyau, ni ma ina ba da ita. Abin da nake ƙi shi ne yadda muke karɓar adadin ragin da aka faɗa mana da baki, ba tare da mun tambayi nawa guda ɗaya ya tsaya mana ba. A ganina wannan tambaya ita kaɗai ce ma'auni, kuma laifinmu ne mu malamai idan yaro ya gama ajin CM2 bai iya amsa ta ba.

A wani zama na iyayen yara da na halarta, an tashi sayen littafin rubutu, wato kaye, guda 120. A kantin unguwa ana sayar da ɗaya sefa 250, dala hamsin ke nan, don haka duka za su kama 30.000. Wanda aka aika babbar kasuwar Maraɗi ya dawo da tayi biyu. Ɗan kasuwa na farko ya ce a biya kuɗin goma ya ba da dozin, biyu gyara ne. Na biyu ya ce idan an ɗauki kwali ɗaya mai guda 120 zai rage kashi 18 cikin ɗari. Nan take wani dattijo ya ce, "Mushe, ai magana ta ƙare. Biyu bisa goma kashi 20 ne, kuma 20 ta fi 18." Kusan kowa ya gyaɗa kai.

Sai muka ɗauki alli. A wurin na farko, dozin ɗaya yana kan 2.500, dozin goma kuwa 25.000. Idan aka raba 25.000 gida 120, kaye ɗaya ya tsaya kan sefa 208 da ɗan ɗoriya. A wurin na biyu, kashi 18 cikin ɗari na 30.000 shi ne 5.400, saura 24.600, wato sefa 205 cif kowane ɗaya. Ashe tayin da ya yi kama da ƙarami shi ya fi, da bambancin sefa 400.

Ina kuskuren ya shigo? Dattijon ya auna gyaran da guda goma da ya biya, alhali ragi ana auna shi ne da cikakken kuɗin abin da ka tafi da shi gida. Ka tafi da goma sha biyu, waɗanda da ɗai-ɗai ka saye su da ka biya dala 600. Ka biya dala 500. Abin da ya rage a aljihunka dala 100 ne cikin 600, wato ɗaya bisa shida, kashi 16,7 cikin ɗari. Ƙa'idar a taƙaice: ka raba gyaran da jimillar kayan duka, har da gyaran a ciki. Gyara ɗaya a kan huɗu ragin kashi 20 ne, domin ɗaya ne cikin biyar. Wanda ya sayi ɗaya aka ba shi ɗaya kyauta ya samu ragin rabi, bai samu kaya a banza ba.

Ya kamata a yi wa ɗan kasuwa adalci a nan, domin bai yi ƙarya ba. Kashi 20 ɗin gaskiya ce ta wata fuska. Mai tebur da ya sari dozin kan 2.500 ya sayar ɗai-ɗai ya tara 3.000, ya ci ribar 500 a kan uwar kuɗi 2.500, kuma wannan kashi 20 ne. Sefa 500 ɗin nan guda ce, amma ga mai sayarwa riba ce ta kashi 20, ga mai amfani da kayan ragi ne na kashi 16,7. Iyaye ba sayarwa za su yi ba, saboda haka adadi na biyu ne nasu.

Lissafin bai tsaya a bakin shago ba. Kwali ba ya kawo kansa gida. Kuɗin mota zuwa da dawowa, da ɗan dako, da kabu-kabu daga tasha, sun ci sefa 2.000. Ke nan ainihin abin da aka kashe 26.600 ne, kaye ɗaya ya koma kusan 222. Abin da aka tsira da shi 3.400 ne cikin 30.000, kimanin kashi 11 cikin ɗari. Ragin 18 da aka yi murna da shi, fiye da sulusinsa ya zube a hanya. Har yanzu akwai amfani, amma wanda ya yi wa iyaye alkawarin 18 zai sha tambaya ranar raba kaya, har a fara zarginsa da abin da bai ci ba.

Tarko mafi girma shi ne sayen abin da ya wuce buƙata don a kai adadin da ragi ke farawa. A ce guda 100 kawai yaran ke buƙata, aka ɗauki kwalin don kada ragi ya wuce. A kantin unguwa 25.000 za a biya, ga shi an kashe 26.600. Kowane kaye da aka yi aiki da shi ya tsaya kan 266, sama da 250 da aka gudu. Hanyar ganewa tun kafin a tashi mai sauƙi ce: a raba duk abin da za a kashe da farashin guda ɗaya na unguwa. 26.600 a raba da 250 ya ba da 106 da ɗoriya, wato sai an tabbatar za a yi amfani da guda 107 ko fiye sarin zai biya kansa.

Wani zai ce kaye ba ya ruɓa, ragowar ashirin za su jira baɗi. Haka ne, idan akwai wurin ajiya da gara da ɗigon damina ba su isa ba, kuma akwai amintaccen mai riƙewa. Amma kuɗin da aka binne cikin ragowar kaya kuɗi ne da iyaye suka fitar yau, a watan da takalmi da jaka ke jira. Ga gidan da ke ƙidaya dala, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Roƙona ga ƴan uwana malamai shi ne mu daina tsayawa kan darasin da ke ba yaro farashi da kashin ragi ya cire kawai. Wannan rabin aiki ne, domin kasuwa ba ta magana haka, da gyara da dozin da kwali take magana. Mu kawo tayi biyu a allo, ɗaya da gyara ɗaya da kashi cikin ɗari, mu bar yara su yi gardama kafin su yi rabawa. Mu yi lissafin sau ɗaya da sefa, sau ɗaya da dala, su gani da idonsu cewa kashin bai canza ba.

Ku kuma iyaye, kafin ku tura wakili kasuwa bana, ku rubuta abu uku a takarda: guda nawa ake buƙata da gaske, nawa ake sayar da ɗaya a unguwa, da nawa tafiyar za ta ci. Idan ya dawo da tayi, ku miƙa wa ɗanku na CM2 takardar da biro ya raba muku.