Saƙon fushi ba ya sayo taki: a cire zargi, a bar ranar yadda take

A ƙauyukan Issawane da ke jihar Maraɗi, damina ba ta wuce wata uku zuwa huɗu. Ruwan shuka yakan sauka a watan Yuni, kafin ƙarshen Satumba kuma an fara yankan gero. Gidaje da dama sun dogara ne da ɗan abin da 'yan ci-rani ke aikowa daga Agadas, Kano ko Legas domin sayen taki da biyan masu noma. Saboda haka idan kuɗin da aka yi alkawari suka makara da kwana goma, ba abin mamaki ba ne a ji saƙon murya mai zafi ya tashi a WhatsApp. Fushin yana da dalili, amma irin wannan saƙo yakan jawo asara biyu: a ɓata zumunci, kuɗin kuma su ƙara makara.

A ɗauka wani ƙane ne ke riƙe da gonar gida. Yayansa da ke Legas ya yi alkawarin turo jika 40 na sefa kafin 10 ga Yuni. An yi shuka, gero ya tsiro, ciyawa na neman rufe shi, ga shi yau 20 ga wata babu kuɗi babu bayani. Sai ƙanen ya danna waya ya ce: "Kullum haka kake. Kana can kana jin daɗi, mu muna nan cikin rana. Ka mai da mu abin wasa. In ba za ka turo ba ka faɗa, kowa ya san inda dare ya yi masa."

Duk zafin wannan saƙo, babu adadin kuɗi a cikinsa, babu rana, babu abin da za a yi idan kuɗin ba su zo ba. Abin da ke ciki hukunci ne kan halin mutum. Wanda aka ce wa "kullum haka kake" zai koma lissafin abin da ya turo bara da wanda ya turo da Sallah, sai gardama ta koma kan wa ya fi yi wa gida hidima. Wani ma shiru zai yi, domin a al'ada ƙane ba ya yi wa yaya faɗa, shirun kuma ya ci wasu kwana uku. Bugu da ƙari saƙon murya ana iya tura shi gaba, ya kai kunnen Inna ko Kawu, ƙaramar magana ta zama shari'ar dangi.

Kuma ƙanen bai san abin da ya hana kuɗin zuwa ba. Tun da Najeriya ta saki farashin naira a watan Yunin 2023, darajarta ta faɗi ƙwarai a gaban sefa, har mai neman jika 40 a Legas ya zama sai ya tara nairori fiye da na da. Zai yiwu sakaci ne, zai yiwu ciniki ne ya tsaya. Saƙon da ya yanke hukunci kafin ya ji dalili ya rufe ƙofar jin gaskiya.

Sai dai akwai wani kuskuren da ya kusa kai wannan muni, shi ne na mai kunya. Shi kuma cewa zai yi: "Yaya, ba komai, duk lokacin da ka samu dama ka turo." Ya cire zargi, amma ya haɗa da wa'adin ya zubar. Yaya zai fahimci cewa babu gaggawa, ya turo a tsakiyar Yuli da zuciya ɗaya, alhali lokacin da gero ya fi amfana da takin ya fara wucewa.

Ga yadda saƙon zai fi aiki: "Salamu alaikum Yaya, ina gajiya, ya iyali? Maganar jika 40 ɗin taki da muka tsayar ranar 10 ga wata, har yanzu ba su iso ba. Mun yi shuka, noman farko kuma ya kama. Ranar ƙarshe da kuɗin za su yi wa gonar amfani ita ce Alhamis, 26 ga wata, domin in sayo takin in sa shi da damshi a ƙasa. Idan duka ba za su samu ba, ka gaya mini gobe da dare nawa za su samu. Idan Alhamis ta wuce, zan sayar da akuya ɗaya in sa wa gonar gabas taki, ta yamma ta haƙura bana. Allah ya buɗa."

Bambancin farko shi ne wanda ake magana a kansa. A saƙon fari, "kai" ne ke ɗauke da kowace jumla: kana, kake, ka mai da. A na biyu an ce kuɗi ba su iso ba, wanda magana ce da babu mai musunta ta. Ba a ɓoye cewa an saɓa alkawari ba, tunda an ambaci ranar 10 ga wata ƙarara, amma an bar Yaya ya ji nauyin abin da kansa.

Na biyu, an jingina wa'adin ga abin da ya kafa shi. Ba ƙane ne ya ga dama ya sa Alhamis ba. Noman farko yakan zo ne mako biyu zuwa uku bayan tsiro, takin zamani kuma yana bukatar damshi kafin shuka ta ci moriyarsa. Yaya zai iya jin haushin umarnin ƙane, amma ba zai yi gardama da ruwan sama ba. An kuma faɗi sunan rana da kwanan wata, domin "cikin makon nan" ko "da wuri" kowa da yadda yake fassara su.

Na uku, an faɗi abin da zai biyo baya. Sayar da akuya ba barazana ba ce, shiri ne, kuma ana gane bambancin da tambaya ɗaya: shin mai maganar zai aikata abin da ya faɗa ko da babu wanda ya ji haushi? Idan ba zai sayar da akuyar ba, kada ya ambace ta, domin wa'adin da aka ɗaga sau ɗaya ba tare da dalili ba ya koya wa kowa cewa na gaba ma zai ɗagu.

Wasu za su ce wannan lallashi ne, kuma mai saɓa alkawari ya cancanci a gaya masa gaskiya. Haka ne, musamman idan abin ya zama ɗabi'a. Amma wannan magana tana da nata lokacin: bayan girbi, baki da baki ko a gaban babba, inda za a yanke cewa baɗi kuɗin taki su iso tun watan Mayu, ko kuma a daina lissafi da su. Haɗa ta da neman kuɗi a saƙo ɗaya yakan sa a rasa duka biyun.

Kafin a tura, mai saƙon ya sake sauraronsa ko ya karanta, ya duba ko adadi, rana da mataki na gaba suna ciki, ya kuma goge duk inda "kullum" ko "ba ka taɓa" suka fito. Idan hannu na rawa don fushi, a ajiye wayar zuwa bayan sallar Isha'i. Jinkirin awa biyu ba zai cutar da gero ba kamar shirun kwana uku da saƙon fushi kan haifar.