Lambar wuta mai rahusa: dalilin da ya sa ba ta shiga mita, da yadda za a kauce wa ƴan damfara

Da zarar zafi ya kama a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, kuɗin wuta kan ƙaru a gidaje da shaguna, domin fanka da firji ba sa hutawa. A irin wannan lokaci ne tallace-tallace ke yawaita a zaurukan WhatsApp da shafukan Facebook, inda wasu ke cewa suna sayar da wutar jika 5 a kan jika 3 da rabi, ko megar wata guda a rabin kuɗinta. Galibinsu kan ce suna da "hanya a cikin kamfani". Sai dai wanda ya san yadda ake samar da lambar wuta zai gane cewa rahusar kanta ita ce alamar farko ta damfara.

Mitar da ake saka wa kuɗi kafin a sha wuta, wadda mutane ke kira kontar, tana da lambarta ta kanta wadda babu wata mita da ke da irinta. Idan mutum ya biya kuɗi, na'urar kamfanin NIGELEC ce ke haɗa lambar mitarsa da adadin kilowat ɗin da ya saya da lokacin sayen, ta kulle su da wani mabuɗin sirri, sannan ta fitar da lambobi 20. Waɗannan lambobi mita ɗaya kawai ke iya buɗe su, kuma sau ɗaya tak take karɓarsu.

A nan lambar wuta ta bambanta da katin waya na kankarewa, wanda kowane layi na kamfanin zai iya lodawa. Ba a buga lambobin wuta a ajiye a jira mai saye. Sai an faɗi lambar mita kafin a samar da su. Saboda haka duk wanda ya ce yana da ragowar lambobi da yake son karyar da farashinsu, ko ya turo lamba ba tare da ya tambayi lambar mita ba, abin da ke hannunsa ɗaya ne cikin uku: lambobin da ya ƙirƙira da ka, lambar da aka riga aka yi amfani da ita, ko ta mitar wani. Duka ukun mita za ta ƙi su. Wasu mitocin ma kan daina karɓar lamba na ɗan lokaci idan aka yi ta danna ta bogi, sai mai gida ya tashi ba kuɗi ba wuta.

Haka kuma farashin kilowat ba a kasuwa ake cinikinsa ba, hukuma ce ke tsayar da shi. Dillalin gaskiya ɗan kamasho kaɗan yake samu a kan kowane ciniki, don haka ba shi da inda zai ciro ragin kashi 30 cikin ɗari.

To amma me ya sa ake samun masu rantsuwa cewa sun saya kuma wuta ta shiga? Amsar ita ce, a karon farko ɗan damfara kan sayi wutar gaske. A ɗauki misalin mai sayar da ƙanƙara da ya ga talla ya tura jika 3 da rabi. Ɗan damfara sai ya cika jika 1 da rabi daga aljihunsa, ya sayi wutar jika 5 ta hanyar da kowa ke bi, ya turo lamba, mita ta karɓa. Mai ƙanƙara ya gamsu, ya ba maƙwabta labari. Bayan mako guda sai a sanar da shi cewa garaɓasar za ta ƙare gobe. Shi da maƙwabta huɗu kowa ya kawo jika 7 don samun wutar jika 10, aka tura jika 35 a dunƙule. Daga nan sai a ce masa "rezo ne ya ɗauke", washegari kuma layin ya mutu. Ɗan damfara ya zuba jika 1 da rabi ya kwashe 35, mai ƙanƙara kuma ya rage da rigimar maƙwabta, domin ta hannunsa kuɗin suka bi.

A ɓangaren kiredi da mega, salon ya ɗan sauya. Mai sayarwa kan turo saƙo mai kama da na kamfani yana cewa an saka wa layinka giga kaza, ko ya turo hoton shaidar biya. Saƙon gaske da sunan kamfani yake zuwa, ko Airtel, ko Moov Africa, ko Zamani Telecom, ko Niger Telecoms, ba daga lambar mutum mai alƙaluma takwas ba. Ko sunan ma bai isa hujja ba, domin ana iya kwaikwayonsa. Hujja ɗaya ita ce mai layi ya duba abin da ke cikin asusunsa da kansa, ta lambar dubawa ta kamfanin. Wani salon kuma shi ne a karɓi kuɗin megar wata a saka ta kwana ɗaya, shi ya sa ya kamata a duba ranar ƙarewa, ba yawan mega kaɗai ba.

Mafi muni shi ne mai cewa a karanto masa lambar da ta shigo ta saƙo, ko lambar sirrin asusun kuɗi na waya, wai don ya "kunna" megar. Saka wa mutum mega ko wuta ba ya buƙatar lambar sirrinsa ko kaɗan. Wanda ya bayar da ita ya miƙa mabuɗin asusunsa ne gaba ɗaya.

Hanyar tsira ba ta da wuya. Wuta dai a saye ta a ofishin NIGELEC, ko wurin dillalin da ke da shago tsayayye yana ba da rasit, ko ta asusun kuɗi na waya da mutum ke sarrafawa da hannunsa, ta sashen biyan kuɗin wuta. Idan aka ce a tura kuɗin zuwa lambar wani mutum, to an riga an fita daga hanyar kamfani. Kafin a tabbatar da biya, a karanta lambar mita sau biyu, domin kuskure a lambar na iya kai wutar ga mitar wani, kuma gyara hakan na da wahala. A rasit kuma a duba lambar mita, kuɗin da aka biya, adadin kilowat da kwanan wata. Bayan an danna lambobin, a tabbatar adadin da ke fuskar mita ya ƙaru daidai da na rasit, kuma kada a jefar da rasit ɗin kafin nan. Kiredi da mega ma haka: a saya daga wayar kai, ko a tsaya gaban mai kiyos har sai an ga sun shiga.

Wanda aka riga aka cuta kada kunya ta hana shi magana, domin shirunsa ne ke ba ɗan damfara damar kama na gaba da layin nan. Ya adana saƙonnin, lambar da ya tura wa kuɗi da lambar shaidar turawar, ya kira kamfanin da kuɗin suka bi ta cikinsa nan take, sannan ya kai ƙara wurin ƴan sanda ko jandarma. Nijar na da dokar yaƙi da laifukan intanet tun shekarar 2019, kuma layukan waya da takardar shaida ake rajistarsu. Sai dai ƴan damfara kan yi amfani da layin da aka yi wa rajista da sunan wani, su kuma cire kuɗin cikin mintoci, don haka dawo da su ba tabbas ba ne. Abin da ke hannun mai saye shi ne tambaya ɗaya kafin ya danna tura: kuɗin nan asusun kamfani za su shiga, ko aljihun mutumin da bai taɓa gani ba?