Akwatin da Ya Cinye Ƙugiya: Laifin Mai Shirya Takarda Ne

A ɗauka cewa wata ƙungiyar manoman rani a kusa da madatsar ruwa ta Tiga, a ƙaramar hukumar Bebeji, ta rarraba sanarwa cikin PDF mai cewa: "Kada a ɓata ƙofar ruwa." A kwamfutar sakatare komai daidai, amma manomi a Tudun Wada ya buɗe a wayarsa sai ya ga "Kada a □ata □ofar ruwa." An saba ɗora laifin a kan wayar mai karatu, alhali kuskuren yana wurin wanda ya shirya takardar.

Akwatin alama ce cewa salon haruffan da aka zaɓa, wato Font, ba shi da zanen wannan harafi. Manhajar Word kan ɓoye wannan giɓi, domin takan aro harafin daga wani salon da ke cikin kwamfutar ba tare da sanarwa ba. Idan ba a cusa salon cikin PDF ɗin ba, na'urar da ba ta da shi za ta musanya shi da wani, wanda wataƙila bai san ƙugiya ba.

Akwai kuma wani tarko. A tsarin Unicode, ƙ (U+0199) da manyan Ɓ, Ɗ da Ƙ suna rukunin Latin Extended-B, amma ƙananan ɓ (U+0253) da ɗ (U+0257) suna rukunin IPA Extensions. Saboda haka salo zai iya fitar da "ƙasa" lafiya lau, ya gaza a "ɗaki". Gwajin harafi ɗaya bai isa shaida ba.

Wasu kan guje wa matsalar ta hanyar zubar da ƙugiyar gaba ɗaya. Wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago, domin "kafa" ba "ƙafa" ba ce, kuma sanarwar da ta mai da "baƙi" "baki" ta sauya magana.

Gyaran ba ya cin ko sisi. Noto Sans da Noto Serif na Google, da Charis SIL da Andika, duk kyauta ne, kuma suna ɗauke da haruffan Hausa. Kafin a fara aiki, a rubuta Ɓɓ Ɗɗ Ƙƙ, a ƙara Ƴƴ idan takardar za ta kai Maraɗi, inda ake rubuta ƴ a madadin 'y. A gwada layin da Bold da Italic, domin kowanne zanensa daban ne. Wajen adanawa a zaɓi PDF/A, wanda ke wajabta cusa salon. Sannan a buɗe File > Properties > Fonts a Adobe Acrobat Reader: kowane salo ya nuna Embedded ko Embedded Subset. Daga ƙarshe a buɗe takardar a wayar wani kafin a aika wa manoma.