Hoton da ba shi da bayani, bango ne ga makaho

Jama'a, yau da masu shafukan da ke sakin hoto da kansu nake, irin waɗanda aka saita wa manhaja tana wallafawa kullum ba tare da hannun mutum ba.

Akwai wani shafi da ke sakin jadawalin lokutan sallah kowace asuba. Hoto ne tsaf, an ƙawata shi da hasumiya da jinjirin wata. Wani abokina makaho yana bin shafin, da TalkBack yake karanta wayarsa, wato manhajar Android mai karanto abin da ke fuskar waya da murya. A azumin bara ya miƙo mini wayar ya ce, "Saurari abin da ake ba ni." Ya ɗora yatsa, muryar ta ce "Image", ta yi shiru. Shi ke nan fa! Lokacin shan ruwa na cikin hoton, amma sai ya nemi ɗan jagora ya duba masa.

Abin da ya fi ba ni haushi, wannan ba hoton da aka ɗauka da kyamara ba ne. Manhajar ce ta zana shi, kuma kafin ta zana, lokutan suna hannunta a rubuce. Zuba wannan rubutun kawai za ta yi a gurbin bayanin hoto, wanda a kan allo ake rubuta "Alt text". Tun 2016 Twitter ta buɗe wannan gurbin, yana ɗaukar haruffa 1,000. A X, sai an loda hoton, a liƙa masa `alt_text`, sannan a saki. A Mastodon sunansa `description`. Aikin sau ɗaya ne, ba kullum ba.

Wani zai ce ai Facebook na yi da kansa. E, tun 2016 yake yi, amma kintace ne. Sau tari abin da zai ce shi ne "May be an image of text". Don Allah wa zai sha ruwa da wannan?

Wasu kuma sun cike gurbin don fita kunya kawai, jimla guda kullum: "Jadawalin sallah na yau". To, ya ji jadawali ne, Magariba ƙarfe nawa? Bayani na gaskiya yana sauyawa tare da hoton, misali: "Kano, Talata. Asuba 5:20, Azahar 12:35, La'asar 3:55, Magariba 6:38, Isha 7:48." Ba sai an ba shi labarin hasumiya ba, lokaci ya zo nema.

In kai ne mai shafin, kada ka ce ai yaron da ya saita maka ya yi. Duba da kanka. A X, hoton da ke da bayani yana da ɗan tambarin ALT a kusurwa, latsa ka karanta. Ko ka kunna TalkBack, ka kifa idonka, ka nemo lokacin Magariba a shafinka. In ka kasa, kira yaron nan yau.