Damina: Abin da ke sa mota ta ƙwace wa direba a kan jiƙaƙƙiyar kwalta

Duk lokacin da mota ta yi adungure a kan babbar hanya ana tsaka da ruwan sama, bayanin da aka saba ji shi ne "motar ta ƙwace wa direba". Maganar gaskiya ce, sai dai ba ta faɗi yadda ƙwacewar ke faruwa ba, kuma a nan ne darasin yake ga masu bin hanyoyi irin su Kano zuwa Zariya ko Kaduna zuwa Abuja a wannan damina.

Abin da ke haɗa mota da ƙasa bai wuce wuri huɗu ba, kowanne kamar faɗin tafin hannu. Zanen da ke jikin taya aikinsa shi ne korar ruwa daga ƙarƙashinta domin roba ta taɓa kwalta. Idan ruwan ya yi yawa, ko gudun ya yi yawa, ko zanen ya cinye, tayar ba ta samun damar korar ruwan. Sai ya taru a gabanta ya ɗaga ta, motar ta koma tana tafiya a kan ruwa kamar kwalekwale. A wannan hali sitiyari da birki duk ba su da abin kamawa.

Direba zai iya gane hakan. Sitiyari yakan yi sako-sako a hannu, ƙarar taya ta canza, wani lokaci injin ya ƙara kuka alhali ba a ƙara taka totur ba.

A ɗauki misalin direban da ke gudun kilomita 100 a awa, wanda shi ne iyakar gudun ƙananan motoci na gida a manyan hanyoyin Najeriya. A kowace daƙiƙa motarsa tana cin kusan mita 28. Ya shiga ruwan da ya kwanta a gindin gangare, tayoyin gaba suka taso. Cikin firgici ya murɗa sitiyari dama, ya danna birki. Tsawon daƙiƙa biyu babu abin da ya faru, motar ta yi kusan mita 56 tana tafiya kai tsaye. Da ta fita daga ruwan, tayoyin suka kama kwalta a karkace, sai ta fizga dama lokaci guda. Yawancin kifewa a nan take aukuwa, bayan an fita daga ruwan.

Abin da ya dace shi ne direba ya ɗage ƙafa daga totur a hankali, ya riƙe sitiyari da hannu biyu yana fuskantar inda hanya ta nufa, ya bar gudun ya ragu da kansa har ya ji tayoyi sun sake kamawa. Sannan ne birki zai yi amfani. Idan motar tana da ABS, wato fitilarsa takan kama a gaban direba lokacin tayar da inji sannan ta mutu, a taka birkin da ƙarfi a riƙe. Karkarwar da ake ji a ƙafa alamar yana aiki ce, kada a saki. Idan babu shi, ko fitilar ta ƙi mutuwa kamar yadda ake gani a motocin haya da dama, a taka sannu a hankali, a sassauta da zarar an ji tayoyi sun tsaya cak suna jan ƙasa.

Akwai kuma santsin da bayan mota ke zillewa gefe, musamman a kwana. Idan bayan ya zille hagu, a juya sitiyari hagu daidai gwargwado, ido yana kan inda ake son zuwa, a kuma dawo da shi da wuri da zarar motar ta fara miƙewa, in ba haka ba za ta wulla ɗaya ɓangaren. Wannan ne ya sa masana taya ke cewa idan biyu kawai za a saya sababbi, a sa su a baya, saɓanin abin da direbobinmu suka saba.

A ganina tushen matsalar yana wurin mai faci tun kafin hadari ya haɗo. Tsadar sabuwar taya ta tura mutane ga ta gwanjo, wadda sau da yawa zanenta ya kusa ƙarewa. A cikin ramin zanen akwai ɗan tudu mai tsayin milimita 1.6, idan zanen ya yi daidai da shi, tayar ta gama aiki. Ga kuma al'adar rage iska lokacin bazara don tsoron fashewa. Taya mai ƙarancin iska ta fi saurin tasowa a kan ruwa, kuma ta fi saurin ɗaukar zafi. Adadin iskar da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba a yawancin motoci.

Ruwan farko bayan kwanaki ba a yi ba shi ma abin lura ne, domin yakan cakuɗa ƙura da baƙin man da manyan motoci suka zubar, kwalta ta yi sulɓi ko da ruwa bai kwanta ba. Mintunan farko na yayyafi ne lokacin rage gudu da ninka tazara tsakaninka da motar gaba.