Takardar lamuni: wa ya ci jikata ɗaya da wani abu?

Wani abokin aikina ya tara ƴan kuɗinsa ya sayi takardun lamuni biyu na baitulmalin ƙasa, waɗanda ƴan banki ke kira obiligasiyo. Da kuɗin makarantar ɗiyarsa suka taso, ya je sayarwa, sai aka taya ƙasa da yadda ya saya. Ya dawo yana cewa an cuce shi. Ni dai ina ganin ba cuta ba ce, bayani ne ba a yi masa ba tun farko.

Takardar lamuni shaidar bashi ce. Kai ne ka ranta wa gwamnati, ita kuma ta yi alkawarin ba ka kuɗin ruwa ƙayyadaddu kowace shekara, ta maido uwar kuɗi ranar da wa'adi ya cika. A kasuwar ƙasashenmu na UEMOA, takarda guda yawanci jika goma ce.

Mu yi lissafi da faran, kamar a kan allo. Takardarka ta 10.000 tana ba da 6 cikin ɗari, wato 600 a shekara, saura shekara uku. Sai kuɗin ruwa suka hau, gwamnati ta fitar da sabuwa mai 8 cikin ɗari, wato 800. Wa zai ba ka jika goma don ya riƙa karɓar 600, alhali ga mai 800? Alkawarin da ke cikin takardarka ba ya canzawa, saboda haka farashi ne zai sauka. Giɓin 200 sau uku ya zama 600, amma da yake kuɗin baɗi ba su kai na yau daraja ba, ragin yana tsayawa wajen 515. Za a saya kusan 9.485. Da saura shekara guda ce kawai, da ka samu kusan 9.815. Nisan wa'adi shi ke ƙara zurfin faɗuwar.

Hawan kuɗin ruwa kuwa yana faruwa. Bankin BCEAO ya ɗaga ma'auninsa daga 2 cikin ɗari a farkon 2022 zuwa 3,5 a Disamban 2023.

Wanda ya riƙe takardarsa har wa'adi zai karɓi jika gomansa cif, muddin mai bashi ya biya. Wannan ma ba tabbas ba ne, domin mun ga biya ya yi jinkiri lokacin takunkumin 2023.

Akwai masu ƙaurace wa kuɗin ruwa saboda addini, wannan shawararsu ce. Amma wanda zai saya, ya fara tambayar kansa: yaushe zan buƙaci kuɗin nan? Kuɗin komawa makaranta na watan Oktoba ba na takardar shekara uku ba ne. Mu malamai kuma, tun da muna koyar da kaso cikin ɗari, mu sa wannan misali a darasi, yara su kai shi gida.